Kafin Ka Yanki Tikitin Hutu: Yadda Ake Karanta Gargaɗin Tafiya Da Labaran Gari

A duk lokacin da hutun ƙarshen zangon karatu ya gabato, ko ma'aikaci ya karɓi takardar hutunsa na shekara, akan ji tambaya iri ɗaya tana yawo a ofisoshi da majalisun hira: shin ƙasa kaza lafiya kuwa? Amsar da mai tambaya yakan samu ba ta wuce biyu. Wani zai ce masa ai ƙaninsa ya je bara ya dawo lafiya lau, wani kuma ya ce ya gani a talabijin ana ƙone-ƙone a can, don haka kada ya kuskura. Duka biyun gaskiya suka faɗa, amma babu wanda ya amsa abin da mutumin yake buƙatar sani. Wanda ya yi shekara yana tara kuɗi domin ya kai iyalinsa su huta na mako guda, ba tambayarsa ba ce ko zai dawo da rai kawai. Abin da yake son ji shi ne ko zai iya fita da 'ya'yansa bayan la'asar ba tare da yana waiwaye ba, da kuma ko jirginsa na komawa zai tashi a ranar da aka rubuta.

Akwai abubuwa biyu da kowa zai iya dubawa kyauta kafin ya yanke hukunci. Na farko shi ne sanarwar gargaɗin tafiya da wasu gwamnatoci ke wallafa wa 'yan ƙasarsu, na biyu kuma jaridun ƙasar da ake son zuwa. Kowanne yana da abin da yake gani da abin da ya ɓace masa, kuma sai an haɗa su ake samun hoton da za a iya dogara da shi. Domin kada maganar ta tsaya a iska, zan ɗauki ƙasa ɗaya, wato Kenya, musamman gaɓar tekunta ta Mombasa da Diani da Lamu, inda Musulmi suke da yawa, masallatai da abincin halal ba su da wuyar samu, wanda hakan ya sa wurin yake jan hankalin iyalai daga Arewa.

Bari mu fara da sanarwar gargaɗi. Biyu ne suka fi shahara. Ta Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka tana shafin travel.state.gov, kuma tun watan Janairun 2018 take kasa ƙasashen duniya mataki huɗu. Mataki na ɗaya yana nufin a yi taka-tsantsan irin na kullum, na biyu a ƙara lura, na uku a sake tunani kafin a tafi, na huɗu kuma kada a je. Kusa da matakin akan sa haruffa masu nuna dalili: C na aikata laifuffuka ne, T ta'addanci, U tarzoma, K satar mutane, H matsalar lafiya, N kuma bala'o'i irin su ambaliya da girgizar ƙasa. Ta Birtaniya kuwa tana shafin gov.uk/foreign-travel-advice, ita ba ta ba ƙasa lamba, sai dai taswira mai launi. Ja yana nufin kada a je ko kaɗan, ruwan lemo yana nufin kada a je sai da larura, kore kuma yana nufin a karanta shawarwari sannan a tafi.

Kuskuren da yawancinmu muke yi shi ne mu dubi lambar mu rufe shafin. Mu da muke zaune a Arewa ya kamata a ce mun fi kowa sanin raunin wannan lambar. Shekara da shekaru Amurka tana ajiye Nijeriya a mataki na uku, jihohin Arewa da dama kuma a na huɗu, alhali a cikin waɗannan jihohin ne muke zuwa aiki, muke kai yara makaranta, muke ɗaurin aure. Amma kuma mun san cewa gargaɗin ba ƙarya ba ne gaba ɗaya, domin akwai hanyoyin da mu kanmu ba ma bi bayan magariba, akwai kuma ƙananan hukumomin da ko kyauta aka ce mu je ba za mu je ba. Abin da ya raba mu da baƙo shi ne mun san wace hanya ce, da wane lokaci. To idan muka tashi zuwa ƙasar wasu, mu ne baƙin, kuma wannan sanin na wace hanya da wane lokaci shi ne muke nema a cikin sanarwar, ba lambar da ke samanta ba.

Dubi yadda abin ya kasance ga Kenya a shekarar 2024. Amurka ta sa ƙasar baki ɗaya a mataki na biyu, amma a cikin bayanin ta ware gundumomin da ke iyaka da Somaliya, wato Mandera da Wajir da Garissa, tare da Tana River da Lamu da gaɓar tekun da ke arewa da Malindi, ta ce kada a je, saboda hare-haren ƙungiyar Al-Shabab da satar mutane. Idan mai karatu ya buɗe taswira zai ga Malindi tana da nisan kimanin kilomita 120 arewa da Mombasa, ita kuwa Diani tana kudu da Mombasa da kimanin kilomita 30, a gundumar Kwale. Ke nan mai niyyar Diani da mai niyyar Garissa lamba ɗaya suka gani a saman shafin, amma tafiyarsu ba ta da alaƙa da juna. Darasi na farko ke nan: kada a karanta gargaɗin tafiya sai da taswira a gefe, a kuma sa alama a kan wurare uku, wato filin jirgin da za a sauka, masaukin da za a kwana, da hanyar da ta haɗa su.

Lamu ta fi nuna amfanin karanta sanarwa biyu maimakon ɗaya. Tsibiri ne mai tsohon tarihin Musulunci, ana yin babban Mauludi a can duk shekara, motoci kusan babu, jakuna da kwale-kwale ne abin hawa. A daidai lokacin da Amurka ta haɗa gundumar Lamu duka ta ce kada a je, ita Birtaniya ta cire tsibirin Lamu da na Manda daga cikin yankin da ta yi gargaɗi a kansa, tare da shawarar cewa mai zuwa ya bi jirgin sama, kada ya bi mota. Dalili kuwa shi ne hanyar motar da ta taso daga Malindi tana ratsa yankin da aka sha kai hari, irin na garin Mpeketoni a watan Yunin 2014. Saɓanin da ke tsakanin sanarwar biyu shi ne ya tona ainihin inda matsalar take: ba tsibirin ba ne ya fi tayar da hankali, hanyar zuwa ce. Wanda kamfanin yawon buɗe ido ya yi wa tayin farashi mai rahusa zuwa Lamu, abin da zai fara tambaya shi ne ta sama za a kai shi ko ta ƙasa.

Abu na gaba shi ne lura da harshen da ake rubuta waɗannan sanarwar. Jami'an gwamnati ne ke rubuta su, kuma suna rubutawa ne da tunanin ranar da wani abu zai faru a tambaye su ko sun yi gargaɗi. Saboda haka akwai jimlolin da za ka tarar da su kusan a shafin kowace ƙasa, kamar cewa hari yana iya aukuwa a ko'ina ba tare da sanarwa ba, ko a guji taron jama'a. Irin waɗannan ba su bambanta ƙasa da ƙasa, don haka ba za su taimake ka ka zaɓa ba. Jimlar da za ka tsaya a kanta ita ce wadda ta ambaci sunan unguwa ko titi, ko ta faɗi lokaci, ko ta kawo kwanan wata. Mafi nauyi duka ita ce wadda ta ce an hana ma'aikatan ofishin jakadancin ƙasar zuwa wuri kaza, ko bin hanya kaza da dare, domin a nan ba shawara suke ba wasu ba, dokar da suka ɗora wa kansu ce. Haka kuma a duba kwanan wata. A shafin Birtaniya akwai layin Still current at, wanda yake nuna cewa shafin yana nan da ƙarfinsa, da kuma layin Updated, wanda shi ne ranar da aka canza wani abu, tare da taƙaitaccen bayanin abin da aka canza. Na biyun ne mai amfani. Ita Amurka ƙa'idarta ita ce ta sake duba ƙasashen mataki na ɗaya da na biyu aƙalla sau ɗaya a shekara, na uku da na huɗu kuma duk wata shida, don haka lambar da ka gani tana iya kasancewa ta girmi labarin da ake ciki da watanni. Saƙonnin gaggawa da ofishin jakadancinta na Nairobi yake sawa a nasa shafin sun fi lambar saurin tafiya da zamani.

Akwai kuma iyakar da ya wajaba ɗan Nijeriya ya sani. An rubuta waɗannan sanarwar ne domin Ba'amurke da Bature, ba domin mai koren fasfo ba. Wani haɗarin da suke tsoro bai cika shafar mu ba, wani kuma da ya shafe mu kai tsaye ba za su ambata ba. A watan Satumban 2019, lokacin da aka far wa baƙi 'yan Afirka a Afirka ta Kudu har aka kwaso ɗaruruwan 'yan Nijeriya zuwa gida a jirgin Air Peace, ba Turawa 'yan yawon buɗe ido aka nufa ba. Haka nan sharuɗɗan shiga ƙasa da ke shafinsu na masu fasfonsu ne. Batun biza ko izinin shiga, da katin rigakafin shawara da akan nema a hannun wanda ya fito daga Nijeriya, sai a tabbatar da su daga hukumar shige da fice ta ƙasar da za a je da kuma kamfanin jirgin, domin ƙa'idojin Kenya kansu sun canza a 2024, suka sake canzawa a 2025.

Yanzu mu koma ga jaridu, mu kuma ɗauki misali guda mu bi shi daki-daki. Mu ƙaddara wani magidanci ne a Kano, da matarsa da 'ya'ya uku, a tsakiyar watan Yunin 2024 yana shirin kwana bakwai a Diani a farkon Yuli. Tsarinsa na farko shi ne su tashi daga Legas zuwa Nairobi, su kwana biyu a wani otal na tsakiyar birni don yara su ga gari, sannan su hau jirgin ƙasan nan na Madaraka Express, wanda ya fara aiki a 2017, ya kai su Mombasa cikin sa'o'i biyar zuwa shida. Ya duba sanarwar gargaɗi ya ga mataki na biyu, ya ga kuma Diani ba ta cikin yankunan da aka ware. A takarda dai komai daidai.

Da ya buɗe shafukan Daily Nation da The Standard ya karanta na makonni uku ko huɗu da suka gabata, da ya ga wani abu dabam. Majalisar dokoki tana muhawara a kan ƙudurin dokar haraji, matasa kuma sun fara zanga-zanga a Nairobi ranar Talata 18 ga Yuni, suka sake fitowa ranar Alhamis 20 ga wata a garuruwa da dama. Ranar Talata 25 ga Yuni masu zanga-zanga suka kutsa harabar majalisa, aka cinna wa wani sashe wuta, 'yan sanda suka yi harbi, aka rasa rayuka, intanet ma ta yi rauni a yammacin ranar. Washegari Shugaba William Ruto ya ce ba zai sa wa ƙudurin hannu ba, amma zanga-zangar ta ci gaba har cikin watan Yuli, kuma ta taɓa Mombasa da Kisumu da Nakuru da Eldoret.

Mai karanta irin wannan labari yana da tambayoyi uku. Ta farko, a ina abin yake faruwa? Amsa ita ce a tsakiyar manyan birane, kusa da gine-ginen gwamnati da manyan titunan kasuwanci, ba a bakin teku ba. Ta biyu, yana da tsari ko kuwa ba a san ranar ɓarkewarsa ba? Yana da tsari, domin galibi ranakun Talata da Alhamis ake fita, kuma akan sanar tun da wuri. Ta uku, wa aka nufa? Gwamnati aka nufa, ba baƙi ba, sai dai barkonon tsohuwa da harsashi ba su tambayar fasfo. Da waɗannan amsoshin magidancin nan zai ga cewa kwana biyun da ya tsara a tsakiyar Nairobi su ne suka faɗa cikin wuta tsundum, ba Diani ba. Gyaran da ya dace shi ne ya soke Nairobi, ya nemi jirgin da zai bi da su ta Adis Ababa ya sauke su Mombasa kai tsaye, ya zaɓi ranar isa da ta komawa a Asabar ko Lahadi, ya kuma bar ziyarar tsohon garin Mombasa da ganuwar Fort Jesus zuwa ranar da ba a kira zanga-zanga ba.

Saura hanyar da ta haɗa filin jirgi da masauki, wadda ita ce aka fi mantawa. Shekaru da yawa mai zuwa Diani daga filin jirgin Mombasa sai ya ratsa cikin gari ya hau jirgin fito na Likoni, inda cunkoso kan tsayar da mota na tsawon lokaci, kuma a farkon Yulin 2024 haka abin yake. Daga baya a cikin shekarar aka buɗe hanyar Dongo Kundu da ta kewaye garin, akwai kuma ƙaramin filin jirgi a Ukunda, dab da Diani. Irin wannan bayanin ba ya cikin sanarwar gargaɗi. Sai a rubuta wa otal ɗin a tambaye su tambaya mai ƙayyadaddiyar amsa. Kada a ce musu ko lafiya, domin babu mai otal da zai ce ba lafiya. A tambaye su wace hanya direbansu yake bi, minti nawa ta ci a makon jiya, da kuma ko akwai ranar da baƙinsu suka kasa zuwa filin jirgi.

Jaridun gida suna kuma bayyana abubuwan da ba su kai a kira su haɗari ba, amma suna iya lalata hutu. Ranar 11 ga Satumban 2024 ma'aikatan filin jirgin Jomo Kenyatta na Nairobi suka yi yajin aiki saboda shirin ba kamfanin Adani na Indiya hayar filin, fasinjoji suka yi cirko-cirko, alhali ƙungiyar ma'aikatan ta yi makonni tana barazanar haka a jaridu. A watannin Afrilu da Mayu na wannan shekarar kuma ruwan sama ya yi ɓarna ƙwarai, har aka kwashe 'yan yawon buɗe ido da jirage masu saukar ungulu daga gandun dajin Maasai Mara. Babban lokacin damina a Kenya daga Maris ne zuwa Mayu, da ƙarami daga Oktoba zuwa Disamba, kuma rahusar da otal-otal ke yi a Afrilu tana da dalili. Wanda zai bincika labaran gida zai amfana da kalmomi uku na Sawahili: maandamano ita ce zanga-zanga, mgomo yajin aiki, mafuriko kuma ambaliya. A haɗa kowace da sunan garin da za a sauka, a kuma duba kwanan watan kowane labari, domin tsohon bidiyo yakan dawo a wayoyi kamar na jiya.

Daga nan sai kalanda. Wasu ranakun ana iya hango su tun daga nesa. Zanga-zangar 2024 ta sake tashi ranar 25 ga Yunin 2025 don tunawa da waɗanda suka mutu, da kuma ranar 7 ga Yuli, wadda 'yan Kenya ke kira Saba Saba, kuma a duka biyun an rasa rayuka. Babban zaɓen ƙasar a watan Agusta ake yin sa duk shekara biyar, na baya an yi shi a 2022, na gaba an tsara shi a 2027, kuma rikicin da ya biyo bayan zaɓen Disambar 2007 ya ci rayuka fiye da dubu. Wannan ba ya nufin kowane zaɓe sai an yi tashin hankali, domin na 2022 ya wuce ba tare da babbar fitina ba. Abin da yake nufi shi ne mai neman natsuwa ba shi da dalilin sa hutunsa a makon zaɓe ko makon bayyana sakamako, tunda shekara tana da makonni hamsin da biyu.

To yaushe ne gyara ya isa, yaushe ne kuma ya kamata a fasa? Ma'aunin da nake ganin ya dace shi ne wannan. Idan masauki ko hanyar zuwa gare shi ta faɗa cikin yankin ja ko ruwan lemo, a canza wuri, domin ban da haɗarin, yawancin kamfanonin inshorar tafiya suna da sharaɗin da ke cire irin waɗannan yankuna, kuma ya kamata a karanta takardar kafin a biya. Idan masaukin yana waje da su amma labarai sun nuna an sa dokar hana fita, ko an rufe filin jirgi, ko an katse intanet, ko rikicin ya daina bin ranaku ya zama na kullum, a ɗage tafiyar. Idan kuwa matsalar tana da wurinta da ranakunta, kuma akwai hanyar kewaye ta, ana iya tafiya da gyararren tsari. Amma ko a nan ma sai mutum ya auna iyalinsa. Matashin da ke tafiya shi kaɗai zai iya jure kwana a filin jirgi, mai tafiya da jariri ko da mahaifiya mai ciwon suga ba haka ba ne. Idan tsarin ya kai ga sai an riƙa duba waya kowace safiya kafin a san ko za a fita, to an tsira daga haɗari amma ba a sami hutu ba, kuma hutun aka biya wa kuɗi.

Daga ƙarshe, wannan binciken ba sau ɗaya ake yin sa ba. A yi shi kafin a biya ko sisi, a sake mako biyu kafin tafiya, a kuma sake ana jibi za a tashi. Domin binciken ya yi amfani, dole ne mutum ya bar wa kansa ƙofar fita: tikitin da ake iya canza masa rana ko da ya ɗan fi tsada, da ɗakin otal da ake iya sokewa ba tare da asara ba har zuwa 'yan kwanaki kafin isa. Wanda ya biya komai tun watanni uku da suka wuce, kuɗin da ba a mayarwa, ko ya karanta labarin da ya kamata ya tsayar da shi zuciyarsa za ta nemo masa hujjar tafiya. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira, amma sai in an bar wa jikin damar juyawa. Allah Ya kai matafiyanmu lafiya, Ya dawo da su lafiya.